Na haɗa su ta imel, amma kowa ya yi gum

Assalamu alaikum Anti. Ƙanen ƙawata ya buɗe ɗan kamfani na girka famfunan ruwa masu aiki da hasken rana. Ni kuwa na yi shekaru ina aiki a ƙarƙashin wani injiniya da ya daɗe a wannan harka, mutumin kirki ne, sai dai aiki ya yi masa yawa. Ƙawata ta roƙe ni in haɗa su. Sai na rubuta imel guda, na sa adireshin Injiniya a To, na yaron a Cc, na liƙa takardar tarihin karatunsa da aikinsa, na ce: "Ranka ya daɗe, ga ƙanena nan, yaro ne mai hazaƙa, shi ma harkar sola yake yi. Na ga ya dace ku san juna. Na bar ku lafiya." Yau mako uku ke nan babu wanda ya ce uffan. Yaron ya ce shi ba zai riga babba magana ba, jira yake a neme shi. Injiniya kuwa da muka haɗu a wani taro gaisuwa ya yi mini sama-sama, bai ta da zancen ba. Ƙawata ta fara nuna kamar ban yi abin da zuciya ɗaya ba. In sake tura saƙon ne in tuna musu, ko in bar maganar ta bi ruwa? Ina tsoron ɓata tsakanina da mutumin da nake ganin girmansa.

Wata mai karatu

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kada ki sake tura wancan saƙon, kuma kada ki bar maganar ta bi ruwa. Abin mai gyaruwa ne, kuma ban ga alamar ya taɓa mutuncinki a idon Injiniya yadda kike tsoro ba. Amma kafin mu je ga gyara, zo mu zauna a kujerar kowannensu mu karanta saƙon da idonsa, domin ta nan ne za ki gane daga inda shirun ya fito.

Mu fara da Injiniya. Mai yiwuwa a waya ya buɗe saƙon, tsakanin wani aiki da wani. Duk wanda aka gabatar wa da baƙo, abu uku yake nema a layukan farko: wane ne wannan, me yake so a wurina, kuma yaya yawan lokacin da zai ci mini. Saƙonki ya ɗan taɓa na farko, sauran biyun ya bar shi ya yi ta canka. Da ya duba ƙasa ya ga takardar tarihin karatu da aiki, kusan tabbas abin da ya faɗo masa a rai shi ne neman aiki ake yi wa yaron, ko neman kwangila. In ba shi da gurbi, me zai ce? Ga kuma yaron a cikin saƙon yana kallo, duk amsar da ya bayar a gabansa zai ba da ita. In ya ce a'a, ya kunyata ki gaban ƙanen ƙawarki. In ya ce to, ya ɗauki nauyin da bai san girmansa ba. Sai ya ce bari in koma kansa anjima, anjiman nan kuwa ita ce ta zama mako uku. Ni gaisuwar sama-saman nan na fi karanta ta a matsayin nauyin wanda ya san ana binsa bashin amsa, ba fushi ba.

Shi ma yaron yana da hujjarsa. Wanda aka sa a Cc ya san cewa sanar da shi kawai ake yi, ba da shi ake maganar ba. Duk jimlolin saƙon Injiniya suke fuskanta, babu ko ɗaya da ta juyo ta ce masa kai wane, yi kaza. To ya ɗauka ladabi shi ne ya jira. Kin ga ke nan kowannensu yana da dalilin da zai sa ya ɗauka ɗayan ne zai fara. Kamar ki shigar da baƙi biyu falo, ki ce ga wane ga wane, ki ja ƙofa ki fita: za su yi ta kallon-kallo ne, kowa na jiran a gaya masa abin da ya tara su.

Saboda haka abu biyu ne suka rage a kanki, kuma ke kaɗai za ki iya yin su. Ki ba kowannensu dalilin da zai sa ya yi magana da ɗayan, sannan ki ambaci sunan wanda zai fara, ki sa masa rana.

Aikin farko da yaron za ki yi shi, tun kafin ki sake tuntuɓar Injiniya. Ki kira shi ki tambaye shi: in aka ba ka minti ashirin da mutumin nan, me za ka tambaye shi? In ya ce "shawara dai a kan harkar", to bai shirya ba tukuna, kuma haɗa shi da kowa a wannan hali ɓarnar alfarma ce. Ki matsa masa da tambaya har sai ya fito da abu guda mai kai da ƙafa. A ce, misali, ya girka famfuna a wurare shida, biyu daga ciki sun tsaya kafin shekara ta zagayo, masu su kuma suna ganin gyara kyauta hakkinsu ne har abada domin babu abin da aka rubuta. Abin da yake bukata ke nan shi ne yadda ake tsara yarjejeniyar kula da kaya bayan an girka: me take ɗauka, me ba ta ɗauka, tsawon wane lokaci. Wannan tambaya ce da gogaggen injiniya zai amsa a tsaye, har ma ya ji daɗin amsawa, domin shi ma ya taɓa shan wannan wahalar.

Daga nan sai yaron ya rubuto miki ɗan gajeren saƙo da bakinsa, wanda za ki iya miƙa wa Injiniya yadda yake ba tare da kin sake komai ba. Jimla biyar ko shida sun isa. Ga irin abin da nake nufi: "Sunana Wane. Shekara biyu ke nan ina girka famfunan ruwa masu aiki da hasken rana, na yi wurare shida zuwa yanzu. Matsalar da ta fi damuna ita ce gyara bayan an gama aiki, domin ban san yadda ake rubuta yarjejeniyar kula da kaya ba. Na ji cewa Injiniya ya daɗe yana tsara irin wannan, shi ya sa nake roƙon minti ashirin ta waya in yi masa tambayoyi uku. Ba aiki nake nema ba, ba kuma jari ba." Jimlar ƙarshen nan, in dai gaskiya ce, ita ce ta fi kowacce amfani, domin ita za ta goge abin da takardar da kika liƙa ta shuka a ran mutumin. In kuwa aikin yake nema a zuci, to ya faɗa a fili, a bar Injiniya ya yanke shawara da idonsa a buɗe. Shiga da sunan neman shawara sannan a ɓige da roƙon aiki shi ne abin da zai ɓata ki da shi na gaske.

Me ya sa yaron zai rubuta, ba ke ba? Shi ya san harkarsa, ke za ki iya kuskuren bayani. Kuma daga yadda ya rubuta Injiniya zai auna shi. In kika jira kwana da kwanaki bai iya turo jimla shida ba, kin samu amsar da za ki ba ƙawarki.

Aiki na biyu, ki rubuta wa Injiniya shi kaɗai. Sabon saƙo za ki buɗe, kada ki hau kan tsohon ki danna Reply All, domin hakan zai sake tsayar da shi gaban yaron, wannan karon har da tunin cewa bai amsa ba. Ki ba da haƙuri a jimla ɗaya tak. In kika tsawaita, kin ɗora masa aikin rarrashinki. Wani abu kamar haka: "Ranka ya daɗe, kwanakin baya na haɗa ka da wani matashi ba tare da na fara neman izininka ba, a yi mini afuwa. Ƙanen wata ƙawata ce ta kusa. Ga bayaninsa a ƙasa da abin da yake nema, minti ashirin ne ta waya a kan yarjejeniyar kula da famfuna. In akwai hali, sai in sake haɗa ku yadda ya dace, shi ya neme ka. In babu hali a yanzu, kalma ɗaya ta isa, ni zan yi masa bayani, kuma ba komai."

Wannan ɗabi'a ta neman yardar kowane ɓangare a keɓe kafin a haɗa su tsohuwar hikima ce, amma a harkar imel wani mai zuba jari na birnin New York, Fred Wilson, ya yi rubutu a kanta a 2009, ta kuma yaɗu sosai a tsakanin masu kafa kamfanoni. Dalilinsa mai sauƙi ne: mutumin da ake yawan nema yana bukatar hanyar cewa a'a ba tare da ya ci fuskar kowa ba. Abin da na lura da shi shi ne, wanda aka buɗe wa ƙofar ƙi ya fi saurin cewa to, kuma to ɗinsa ta fi ƙwari.

Ki lura na ce ƙanen ƙawarki, ban ce ƙanenki ba. Na san a baki duk ɗaya ne, amma a nan mutumin yana auna nauyin shaidarki ne, gara ya san ainihin yadda kuke. Haka ma yabo. Kin ce yaro ne mai hazaƙa; kin taɓa ganin aikinsa? In kin gani, faɗi abin da kika gani: na je wuri guda da ya girka, famfon na aiki, masu wurin sun yaba. In ba ki gani ba, ki tsaya inda saninki ya tsaya: na san gidansu shekaru da yawa, mutum ne mai cika alkawari, amma aikinsa ban gani da idona ba. Irin wannan shaida ta fi dogon kirari tasiri, kuma in abu ya karkace nan gaba ba za a ce ke kika rufe ido kika tura shi ba. Kada kuma ki ƙago wa Injiniya wata riba da babu ita. In kin san yakan nemi ƙananan kamfanoni ya ba su wani ɓangare na aiki, to ki ambata, dalili ne na gaskiya. In babu, ki ce alfarma kike nema. Manya sun saba da a roƙe su alfarma, abin da ba sa so shi ne a naɗe musu ita a ce dama ce aka kawo musu.

Wani tarko a nan: in za ki miƙa saƙon yaron da Forward, ki gangara ƙasa ki karanta duk abin da ke biye da shi. Forward yakan kwashe tsohuwar hirar da ke ƙarƙashin saƙon ya tafi da ita. In a can ƙasa akwai inda kika ce wa yaron "mutumin yana da ɗan wuyar sha'ani, amma ka bi shi a hankali", to Injiniya zai karanta. Mafi aminci ki kwafi sakin layin kawai ki saka a sabon saƙo.

To a ce ya amsa da "ba damuwa, ya neme ni". Yanzu ne lokacin saƙon haɗawa, kuma ki tura shi a ranar, tun yardar tana da ɗumi. Duka adireshin biyu a To, babu wanda za a ajiye a Cc. A layin Subject ki sa sunayensu biyu da maganar, misali "Gabatarwa: Injiniya Wane da Wane, kan yarjejeniyar kula da famfunan sola", domin bayan wata biyu in ɗayansu ya nemi saƙon da suna ya same shi nan take. Kada ki liƙa komai. Jikin saƙon kuma ga shi:

"Ranka ya daɗe, na gode da ka amince. Ga Wane da na yi maka maganarsa, mai girka famfunan ruwa na sola, wanda ke neman minti ashirin a kan yadda ake tsara yarjejeniyar kula da kaya.

Wane, ga Injiniya, wanda na yi aiki a ƙarƙashinsa, kuma ya daɗe yana tsara irin wannan yarjejeniya. Ya amince ku yi magana ta waya.

Wane, kai za ka fara: ka amsa wannan saƙo kafin ranar Alhamis da lokuta biyu ko uku da Injiniya zai zaɓa daga ciki, tare da tambayoyinka. Ka mayar da ni Bcc in za ka amsa."

Kin ga kowa an juyo an yi masa magana da sunansa, an gaya masa wane ne ɗayan da abin da ya haɗa su. Kalmar "ya amince" ita ce maganin kunyar yaron, domin yanzu ba kutse zai yi ba, kira aka yi masa. Layin ƙarshe kuma ya kashe jiran juna. Ƙa'idar da nake bi ita ce mai bukata shi ke fara motsi, ko da shi ne ƙarami, musamman ma in shi ne ƙarami. Ki fahimtar da yaron cewa a imel barin babba ya nemo ka ba girmamawa ba ce, ƙarin aiki ne ka ɗora masa. Girmamawar ita ce ka sauƙaƙa masa har ya zama abin da ya rage masa bai wuce ya rubuta "Talata ta yi" ba. Inda ƙa'idar ke juyawa shi ne in babban ne ya ce a nemo masa mutum, to shi ne mai bukata. In kuma Injiniya ya ce akwai mai tsara masa lokaci, sai ki faɗa a saƙon cewa wurinsa yaron zai nufa. In tsararraki ne biyu da bukatarsu ta zo daidai, ki zaɓi ɗaya kawai ki ambace shi, ko wanne ne.

Amsar yaron ma tana bukatar ki ɗan zauna da shi a kanta, domin a nan ne haɗawa da yawa ke mutuwa. Ya amsa a ranar ko washegari. Ya danna Reply All, ba Reply ba. Reply wurin wanda ya turo saƙon kaɗai yake zuwa, wato ke, sai yaron ya zauna yana jiran amsar saƙon da Injiniya bai taɓa gani ba. Gane wannan ba wuya: in amsarsa ta iso miki kika ga babu adireshin Injiniya a To ko a Cc, ki kira shi ya sake. Bayan ya danna Reply All sai ya cire adireshinki daga To ya mayar da shi Bcc, wato gurbin da ake tura wa mutum kwafi ba tare da sauran sun ga adireshinsa ba, ya buɗe da "Na gode Anti, na mayar da ke Bcc". Amfanin haka shi ne za ki ga wannan amsa guda, ki san abin ya kankama, amma duk abin da za su yi ta musaya daga baya ba zai riƙa faɗowa akwatinki ba, su ma su sake su yi maganarsu. Ke kuma in ta iso, kada ki danna Reply All ki ce madalla, domin kin sake shigar da kanki ke nan.

Kada yaron ya rubuta "duk lokacin da ranka ya daɗe ya samu sarari". Yana kama da ladabi, amma mutumin da aiki ya yi wa yawa ba ya taɓa samun sarari sai an nuna masa gurbi. Ya ce Talata da ƙarfe goma na safe, ko Laraba da ƙarfe huɗu na yamma, in kuma babu wanda ya dace a faɗi wanda ya fi, shi zai daidaita. In ba ƙasa ɗaya suke ba ya faɗi agogon wace ƙasa yake nufi. Ya sa lambar wayarsa, ya jera tambayoyinsa uku a gajarce domin Injiniya ya zo da shiri. Ranar kiran kuma in minti ashirin ta cika, shi zai fara cewa lokacin da na roƙa ya ƙare. In Injiniya na son ci gaba, shi zai ce a ci gaba.

Akwai yiwuwar Injiniya ya ce ba hali, ko ya sake yin shiru. In shiru ne, ki ba shi mako guda, ki tuna masa sau ɗaya da layi guda a kan saƙon da kika tura masa shi kaɗai. In ya sake shiru, amsa ce, ki karɓe ta haka, kuma in kun haɗu ki gaishe shi da sakin fuska ba tare da kin ta da zancen ba. In ya ce ba hali, akwai ƙananan hanyoyi biyu da ba su da nauyi. Kina iya cewa ko zai yarda ki turo masa tambaya guda a rubuce ya amsa da layi biyu, ke ki miƙa. Ko ki tambaye shi ko akwai wani cikin waɗanda suka yi aiki da shi da zai fi samun lokaci. Sau da yawa wanda ya girmi yaron da shekara biyar a sana'a ya fi yi masa amfani, domin bai manta da irin matsalolin farawa ba. Amma ɗaya za ki zaɓa cikin biyun, kada ki jero su.

Ita kuwa ƙawarki, ki kira ta yau, kada ki jira sai komai ya kammala. Ki gaya mata saƙon farko bai fito da abin da ƙanenta ke nema ba, kina sake shiri, kuma abin da ake jira yanzu jimla shida ne daga wurinsa. Ki faɗa mata a fili cewa abin da ke hannunki shi ne ki tambaya da kyau, amsar kuwa ta Injiniya ce. Kada ki yi mata alkawarin zai yarda, kuma in ya ƙi, abin da za ki isar shi ne "ba shi da hali a yanzu", ba tare da kin miƙa musu saƙonsa su karanta ba.